Kashi Biyu Duk Shekara

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina da shekara talatin da ɗaya da wata biyu a aikin malamin gona. Gidana yana cikin garin Rano, amma wurin aikina wani ƙauye ne can bayan Kibiya, inda hanya ke lalacewa da zarar ruwa ya sauka. Ran Litinin da sassafe nake hawa babur in tafi, ba na dawowa sai Alhamis da yamma, wani makon ma sai Juma'a. A can ɗaki ɗaya aka ba ni a jikin siton taki. Katifa ce a ciki, da risho, da rediyo, da buta biyu.

A gida kuwa matata ce kaɗai. 'Ya'ya biyu Allah ya raya mana. Macen tana aure a Kano, namijin yana aiki a kudu, sai da salla muke ganinsa. Matata tana da ciwon suga, an daɗe ana fama, kuma a wannan shekarar ne ya fara taɓa mata ido. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ta lissafin ka ba. Kafin mai saye ya gama faɗin kwalba nawa yake so, ta riga ta gaya masa kuɗinsa.

Wata Juma'a bayan mun dawo daga masallaci ta kawo mini abinci, ta zauna a bakin tabarma, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Malam, wai shekara nawa ake yi ne kafin a bar mutum ya huta?"

Na ce, "Talatin da biyar. Ko kuma mutum ya cika shekara sittin da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa."

"Kafin nan ba a barin mutum ya tafi?"

"Ana bari. Ni ma yau in na so, zan iya rubuta takarda."

Ta ce, "To ka rubuta mana. Jiya sai da na kira maƙwabciya ta zura mini zare a allura."

A shekarunmu tare ba ta taɓa ce mini in bar wani abu saboda ita ba. Shi ya sa ran Litinin ban wuce ƙauye kai tsaye ba, na tsaya a sakatariya wajen akawun da ke kula da takardun masu ritaya.

Akawun nan ƙanen wani abokina ne da muka yi firamare tare, saboda haka Yaya yake ce mini. Ofishinsa ƙarami ne, fayil ya cinye rabinsa. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya tashi ya nemo fayil ɗina, ya buɗe shafin farko ya duba takardar kama aikina, sannan ya jawo wata takarda mai jadawali daga ƙarƙashin gilashin teburinsa.

Ya ce, "Yaya, abu biyu kawai ake dubawa. Shekarun da ka yi, da albashinka na ƙarshe. Ba a duba ko ka yi ƙoƙari ko ba ka yi ba, ba a duba 'ya'ya nawa gare ka."

Ya nuna mini da bakin biro. Wanda ya yi shekara goma, fanshonsa kashi talatin ne cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe. Daga nan duk shekarar da ya ƙara, sai a ƙara masa kashi biyu, har ya kai shekara talatin da biyar, inda zai sami kashi tamanin. A nan ake tsayawa.

Ya ce, "Kai kana da talatin da ɗaya. Cire goman farko, saura ashirin da ɗaya. Ashirin da ɗaya sau biyu, arba'in da biyu. Haɗa da talatin, kashi saba'in da biyu ke nan."

Na ce, "Wata biyun da ke kai fa?"

"Sun faɗi. Sai ɓurɓushin ya haura wata shida ake cika shi shekara."

Sai ya ɗauko takardar albashina. Ya ce ba duk abin da nake karɓa ake lissafawa ba, albashin ainihi ne da alawus ɗin da doka ta amince da su, kamar na gida da na sufuri. Kuɗin zagaye da ake ba mu da damina ba ya ciki. Da ya haɗa nawa, ya kama naira dubu goma sha bakwai da ɗari biyar a wata, wato dubu ɗari biyu da goma a shekara. Ya danna kalkuleta, ya cire kashi saba'in da biyu, ya raba gida goma sha biyu, ya juyo mini da ita in gani. Naira dubu goma sha biyu da ɗari shida duk wata, har ƙarshen rayuwata. Ya ce garatuti kuma, kuɗin sallamar da ake bayarwa sau ɗaya, shi ma haka yake tafiya: albashin shekara guda cif a shekara ta goma, sannan ƙarin kashi takwas duk shekara.

Na ce masa ba laifi, zai ishe mu. Na fara naɗe takardar da ya rubuta mini.

Ya ce, "Tsaya tukuna, Yaya. Shekara nawa ka yi a matakin albashi na takwas?"

Na gaya masa.

"To ai ƙarin girmanka ya kusa. In ka hau na tara, ga kuma ɗan ƙarin da ake yi duk shekara, abin da za a lissafa maka zai kai dubu ashirin. Ba a haɗa albashin shekarun baya a raba, na ƙarshen kaɗai ake ɗauka. Ko wata uku ka yi a kansa, a kansa za a yi maka lissafi."

Ya sake dannawa. In na cika talatin da biyar a mataki na tara, dubu goma sha shida ne duk wata. Ya rubuta wannan a ƙasan na farko ya ja layi.

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya ce, "Ni lissafi na sani. Amma ka tuna, in ka sa hannu ba a dawowa."

A wannan makon ne na haɗu da tsohon shugabana a kasuwar Kibiya. Shi ya koya mini aikin gona tun ina saurayi. Ya yi shekara talatin da biyar cif, ya ajiye aiki 'yan watanni kafin ƙarin albashin da aka yi bayan dawowar mulkin farar hula. Na same shi a layin 'yan hatsi yana taya kwanon dawa, yana ajiyewa, yana sake ɗauka. Muka koma inuwa muka gaisa. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa mini abin da yake karɓa. Kashi tamanin ɗinsa bai kai saba'in da biyuna ba, ko kusa, don an ɗora shi a kan tsohon albashi. Ya ce an ce za a daidaita musu, suna jira.

Ya ce, "Da na san ƙarin nan yana tafe ma ba yadda zan yi, shekaruna sun cika. Kai da kake da zaɓi, kada ka fita a kan ƙaramin albashi."

Ran Alhamis na koma gida da takardar a aljihu. Bayan la'asar na zauna na karanta mata, lamba bayan lamba. Ban kai ƙarshe ba ta riga ni.

Ta ce, "Bambancin dubu uku da ɗari huɗu ke nan a wata."

Na ce haka ne.

"Shekara huɗu kuma."

"Saura wata biyu."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "In ka riga ni tafiya fa, ni za a ci gaba da ba?"

Na gaya mata yadda akawu ya bayyana mini. In mutum ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, ana biyan magadansa ragowar shekara biyar ɗin. In ya haura biyar, fansho ya ƙare da shi.

Ta ce, "Ashe kuɗin ranka ne."

Na ce, "Kuɗinmu ne. Maganinki ma a ciki zai fito."

Gaskiya na faɗa, amma na san ba ita kaɗai ce gaskiyar ba. Ina son in hau matakin nan. Waɗanda muka fara tare da su duk sun hau, wasu sun wuce. Kuma hoton tsohon shugabana da kwanon dawa a hannu bai bar ni ba.

Ita ta yanke. Ta ce shekara huɗu ta yi yawa, amma in jira ƙarin girman. Ranar da takardar ta zo, sai in rubuta tawa. Na ce na yarda. Na ce ko za ta bi ni ƙauye mu zauna tare? Ta ce wa zai riƙa duba mata suga a can, kuma wa zai sayi man gyaɗa a garin da kowace mace ke matse nata. Na nemi a dawo da ni kusa da gida, aka ce babu wanda zai karɓi wurina tukuna.

Na ɗauka abin wata shida ne ko takwas. Sai da ya ci kusan shekara biyu.

Ba ni da abin faɗa mai yawa a kan waɗannan shekaru, don kwanakin duk kamarsu ɗaya. Da safe in zaga gonaki, in duba masarar da tsutsa ta kama, in nuna yadda ake auna maganin feshi da murfin kwalba. Da rani in sauka fadama wajen masu albasa da tumatir. Mutanen ƙauyen suna girmama ni, amma ni baƙo ne, kuma sa'o'ina a can duk masu jikoki ne, in an idar da sallar magariba kowa ya shige gidansa. Sai in koma ɗaki in dafa taliya ko in jiƙa gari, in kunna rediyo. A lokacin ba abin da ake yi a rediyo sai zancen Shari'a da na 'yan majalisa. Ina ji ne kawai don kada ɗakin ya yi shiru. Wayar hannu ba ta zo mana ba tukuna. In ina son sanin halin da take ciki a tsakiyar mako, sai ranar kasuwar Kibiya in nemi wani direban Rano da ya san gidanmu in tambaye shi. Amsarsa kullum ɗaya ce: lafiya ƙalau, ya ga ƙofa a buɗe.

Akwai wani abu da na riƙa yi wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. A bayan littafin da nake rubuta rabon taki na zana jadawalin nan da hannuna, daga shekara talatin da ɗaya zuwa talatin da biyar. In kaɗaici ya dame ni sai in buɗe in sake lissafi, ko da yake na san amsar. Ranar da na cika shekara talatin da biyu na rubuta saba'in da huɗu na kewaye shi. Ba wanda zan gaya wa. Na sayi tsire na naira hamsin na ci ni kaɗai a bakin sito.

A gida kuma abubuwa suna raguwa a hankali, ta yadda sai mai zuwa mako-mako ne zai lura. Ta daina suyar ƙuli-ƙuli, don ta ƙone hannu sau biyu. Daga baya ta daina man ma, ta sayar da turmin. Na lura ta jera kayan ɗakin girki a wani tsari da ba ta yarda a taɓa, gishiri a nan, ashana a can. Wata rana na shigo da sallama tana tsakar gida, ta juyo tana amsawa, amma idonta yana kallon gefena. 'Yarmu ta zo ta ce za ta tafi da ita Kano. Ta je ta yi mako uku ta dawo, ta ce gidan suruki ba wurin zama ba ne, kuma a can ba ta san inda bango yake ba. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ita ta riƙa leƙo ta safe da yamma.

Duk ran Alhamis in na dawo, bayan ta tambaye ni hanya, sai ta ce, "Takardar ta zo?" In ce tukuna. Ta ce, "Allah ya kawo ta." Ba ta taɓa cewa in fasa ba. Da ta faɗa, ina jin da na fasa. Na sha gaya wa kaina haka, ban sani ba ko gaskiya ne.

Takardar ta zo ana shirin shuka, ina da shekara talatin da uku da wata ɗaya. Na wuce da ita wajen akawu ko gida ban je ba. Ya taya ni murna, ya duba sabon albashin, ya kama dubu ashirin daidai kamar yadda ya yi hasashe. Na ce ya ba ni takardar da ake cikewa.

Ya ce, "Sanarwar wata uku ake bayarwa. In ka bayar yau, za ka fita da talatin da uku da wata huɗu. Talatin da uku za a rubuta, kashi saba'in da shida." Ya ɗan dakata. "In ka jinkirta wata uku kafin ka bayar, za ka fita da wata bakwai a kai. Ya haura shida, sai a rubuta talatin da huɗu. Saba'in da takwas."

Na ce, "Nawa ne bambancin?"

"Naira ɗari huɗu a wata. A garatuti kuma dubu goma sha tara da ɗari biyu."

Na zauna ina kallon takardar. Wanda ya jira shekara biyu, wata uku ba ya yi masa kama da komai. Ga shi kuma damina ce, manoma sun karɓi iri a hannuna, ba daɗi in tafi in bar su a tsakiya. Haka na shirya maganar a kan babur kafin in isa gida, haka kuma na faɗa mata.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ɗari huɗu."

Na ce, "Duk wata, har abada. Ga na sallama."

Ta ce, "Ai ka ce ranar da ta zo."

Na ce, "Na faɗa."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta dafa bango ta tashi ta shiga ɗaki.

Cikin waɗannan watanni ne ta taka wani tsinken kara a tsakar gida bayan an yi ruwa. Ran Talata abin ya faru. Ba ta ji zafi sosai ba, don ciwon ya kashe mata tafin ƙafa, ba ta kuma ga jinin ba. Sai washegari maƙwabciya ta gani a kan tabarma. Da na dawo ran Alhamis na tarar an ɗaure ƙafar da tsumma, ta kumbura. Na kai ta asibiti a ranar, aka wanke, aka ba da magani, aka ce a riƙa kawo ta wanki duk bayan kwana biyu. Na ɗauki hutun mako biyu. Da ya ƙare na koma aiki, na riƙa kwana a gida ina sammako, sai ranar da rafi ya cika ya hana ni dawowa. A lokacin na riga na miƙa sanarwa, ba abin da ya rage sai ƙirga kwanaki. Ma'aikaciyar asibitin ta ce mini da an kawo ta a ranar da ta taka, da abin ya zo da sauƙi. Ta faɗa ne kawai tana naɗa bandeji, ba da wata manufa ba.

Na ajiye aiki a goman ƙarshe na azumi. Manoman ƙauyen suka haɗa mini buhun masara da kaji biyu, mai unguwa ya yi addu'a. Na ɗaure katifa da risho a bayan babur na taho.

Wata biyar muka yi tare. Ciwon ƙafar bai warke ba, yana rufewa yana buɗewa, amma tana iya zama a tsakar gida. Na koyi dama kunu ba sukari. Na koyi yi mata allura. Da hantsi in shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiyar darbejiya, in zauna kusa ina gyaran wani abu, tana ba ni labarin abubuwan da suka faru a unguwa shekarun da ba na nan: wanda ya sayar da gonarsa ta Madachi, wadda ta haifi tagwaye, rigimar da aka yi a kan rijiya. Na gane cewa na yi shekara talatin ina kwana uku a mako a gidan nan, ban san rabin mutanen da take ambata ba. Wani lokaci ta ce in karanta mata farashin kaya da na ji a kasuwa, ta riƙa lissafa ribar da mai man gyaɗa zai samu a tiya, tana cewa sana'ar ta lalace.

A wannan lokacin ba albashi, fansho kuma bai fara ba. Takarduna suna Kano ana bin su daga tebur zuwa tebur, sai masu binciken kuɗi sun tabbatar da lissafin kafin a sa mutum a layin biya. Masarar nan muka ci, da abin da ɗanmu ke aikowa. Sau ɗaya ta tambaye ni, "Har yanzu ba su fara ba?" Na ce tukuna. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Kai dai kullum tukuna."

Sau ɗaya kuma na yi ƙoƙarin ba ta haƙuri a kan wata ukun nan. Na fara magana ta katse ni. Ta ce tsinken kara ba ya duba kalanda, ko ina gida zai iya samunta. Na ce amma da na gani a ranar. Ta ce, "Da ka gani." Sai ta ce in miƙo mata ruwa.

Ta rasu da bazara, ana tsananin zafi, ranar wata Laraba da hantsi, a asibiti. Ni da 'yarmu muna wurin.

Bayan wata huɗu akawu ya aiko a kira ni. Ya tashi ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, sannan ya miƙo mini takardar da ta dawo daga Kano. Shekarun aiki: talatin da huɗu. Albashin ƙarshe: dubu ɗari biyu da arba'in a shekara. Kashi saba'in da takwas. Fansho: dubu ɗari da tamanin da bakwai da ɗari biyu a shekara, wato dubu goma sha biyar da ɗari shida a wata. Garatuti, dubu ɗari bakwai da ɗari takwas, zai biyo baya. Babu kuskuren ko kwabo. Ya ce za a haɗa mini da na watannin da suka wuce.

Ya ce, "Yaya, lissafin ya fita yadda muka yi."

Na ce, "Ya fita."

Na sa hannu a inda ya nuna.

Kuɗin ya ishe ni, har ya yi yawa a farko. Mutum ɗaya ba ya cin abinci mai yawa. Na gyara rufin ɗaki, na biya wa maƙwabciyarmu kuɗin aikin ido, don ita ma yanar ido ta fara rufe mata gani. Da garatuti ya fito na sayi 'yar gona a hanyar Dawaki, ina zuwa da kaina in yi abin da na shekara talatin ina gaya wa mutane su yi. 'Ya'yana sun matsa in ƙara aure ko in koma wajen ɗayansu. Na ce su bar ni tukuna. Daga baya tsadar kaya ta zo ta cinye darajar kuɗin, har dubu ukun da na samu a kan lissafin farko ta koma kuɗin man babur na 'yan kwanaki. Wani lokaci ina auna abin, in ce da na fita tun farko da mun sami kusan shekara uku maimakon wata biyar, da kuma wataƙila mun rasa kuɗin magani a shekara ta biyu. Ban taɓa kai ƙarshen wannan lissafin ba.

Lokaci-lokaci ana kiran 'yan fansho tantancewa, a ga mutum da ido a tabbatar yana raye kafin a ci gaba da biyansa. A karo na farko da na je, na shiga motar Kano tun da safe da takarduna a cikin leda. Mun yi yawa, aka jera mana benci a rumfa. Na duba ko zan ga tsohon shugabana ban gan shi ba, sai wani ya ce mini ƙafa ta hana shi fita, sai dai a je gida a gan shi. Na zauna tsakanin wani tsohon direban ofis da wani malamin makaranta, ba wanda ya san wani, amma kafin azahar kowa ya faɗi shekarunsa da matakinsa da kasonsa, kamar yadda ake faɗin gari da unguwa.

Da layi ya zo kaina, wata ma'aikaciya ta karɓi katina, ta dubi hoton ta dube ni. Ta buɗe fayil tana cike wata takarda.

Ta ce, "Baba, magajin da ka rubuta a nan, matarka ce. Har yanzu ita ce?"

Na ce ta rasu.

Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Wa za a sa?"

Na ba ta sunan 'yata. Ta ja layi ɗaya a kan na farko, ta rubuta sabon a samansa, ta juyo mini da takardar na dangwala yatsa. Ta ce an gama, in tafi sai an sake kira.

Na fito na yi sallar azahar a wani masallaci a bakin titi. 'Yata tana cikin garin, na yi tunanin in biya, sai na ga ban sanar da ita ba, kuma hadari yana haɗuwa ta gabas. Na wuce tasha na sami motar Rano saura mutum biyu ta cika. Muka jira su kusan awa ɗaya.